Ƙafa 130 da Ba Za Su Dawo Ba

A zamanin da sinima take tashe a Arewa, babu mai gidan kallon da ya ɗauki faifan fim a matsayin abin ajiya. Kayan haya ne. Yakan zo daga hannun dillali a Legas cikin gwangwanaye masu faɗi, a haska shi dare biyu ko uku, a ɗaure shi a kai tasha ya wuce gari na gaba. Kafin ya iso Kano, inda su Rex da Palace da Plaza da El Dorado da Marhaba suke cika maƙil, an riga an gurje shi a wasu ƙasashen. Kafin kuma ya gangara ƙananan garuruwa, ya sha yanka ya sha liƙi. Mu da muka kalli Mother India da Sholay a irin waɗannan gidaje, a kan benci, sama a buɗe, ba mu taɓa ganinsu cif ba. Waƙa takan yi tsalle, jarumi ya ɗaga hannu zai kai naushi sai kawai a ga mugu a ƙasa, kuma ba mu ɗauki wannan aibu ba. Haka muka san fim.

Alhajin da zan ba da labarinsa ya fara ne da sayar da tikiti a gidan wani Kwara. Bayan dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ya sami hannun jari, daga baya gidan ya zama nasa. Ya ci moriyarsa shekara goma sha, sai darajar naira ta faɗi daga 1986, hayar fim daga waje ta fi ƙarfin kuɗin ƙofa. Bidiyo ya shiga gidajen mutane. A 1990 aka fitar da Turmin Danya a Kano, kasuwar fim ɗin Hausa na kaset ta buɗe. Alhaji ya sayi ƙaramin injin haska bidiyo ya ɗora a gaban manyan injinansa biyu, ya lulluɓe su da tamfol. Daga ƙarshe ƙofar ma ya rufe. Gwangwanayen da dillalai ba su dawo sun karɓa ba, da na tallace-tallace, da na ma'aikatar yaɗa labarai, duk aka tura su wani ɗaki mai rufin kwano a ƙarƙashin ɗakin inji. Suna nan sama da shekara talatin, har ranar da aka yi cinikin filin za a gina shaguna, aka ce a kwashe tarkace.

Abin da ya fara tarbarsu da aka ɓalle ƙofar wari ne, tsami mai hawa kai irin na ruwan kal. Alhaji ya ɗauka ɓera ne ya mutu. Ashe zaren fim ɗin ne yake ruɓewa. Daga wajajen 1950 zuwa shekarun 1990, kusan duk fim ɗin da aka kai gidajen sinima an buga shi ne a kan wata roba mai suna asitet. Idan zafi da laima suka haɗu a kanta, sai ta fara sakin ruwan tsami, tsamin kuma ya ƙara hanzarta ruɓewar, ta yadda da zarar abin ya kankama shi ke ciyar da kansa. Masana ajiya sun ƙiyasta cewa a ɗaki mai sanyin digiri 21 da matsakaiciyar laima, sabon zare kan yi kimanin shekara 40 kafin ciwon ya bayyana, kuma duk ƙarin digiri biyar ko shida yana rage wa'adin da kusan rabi. To a lissafa ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da ko a inuwa ana haura digiri 40, sannan a ɗora masa laimar Agusta.

Alhaji bai san wannan ba tukuna. Abin da ya sani shi ne injinansa suna nan, tsohon afaretansa ma yana raye. Sai suka yi abin da kusan kowa yake fara yi: suka share inji ɗaya, suka zuba masa mai, suka ɗaura wani faifan talla, suka kafa kyamarar ɗaukar biki tana kallon bango. Ba a yi minti ɗaya ba aka ji ƙarar yagewa. Injin sinima yana jan zare ne da haƙora, haƙoran suna shiga hujojin da ke gefe, huɗu a kowane hoto, kuma tazarar haƙoran ƙarfe ba ta canjawa. Shi kuwa zaren ya tsuke. Haƙori ya daina faɗawa tsakiyar huji, ya koma yana hawa gefensa, sai ya tsaga shi kamar zif. Ɗan abin da kyamarar ta ɗauka ma bai kallu ba, yana ta ƙyafta ido, domin injin yana tafiya hoto 24 a daƙiƙa, kyamarar tana ɗaukar 25, tsakiyar hoton ta yi fau, kusurwoyi sun yi duhu. Wannan faifan bai sake moruwa ba.

Daga nan ne wani jikan abokinsa, matashi da ya koyi aikin adana finafinai, ya shigo maganar. Abu na farko da ya yi shi ne hana kowa sake kunna inji. Na biyu, ya bi gefen kowane zare da madubin ƙara girma yana neman rubutu. Wanda aka rubuta wa SAFETY ya ajiye gefe guda. Abin da yake tsoro shi ne ya ga NITRATE, tsohuwar robar da aka daina yi a farkon shekarun 1950, wadda idan ta kama wuta ko ruwa ba ya kashe ta. Mutanen Kano da suka san labarin gobarar sinimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci rai sama da 300, ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da wuta take yi a gidan kallo. An yi sa'a babu mai NITRATE ko ɗaya. Sannan ya jefa wata 'yar takarda shuɗiya, da ake kira A-D, a cikin kowane gwangwani ya rufe har kwana guda. Wadda ta fito shuɗiya, zaren lafiya lau. Wadda ta koma kore, ciwo ya kama. Wadda ta zama rawaya, an kusa rasa shi. A cikin gwangwani sittin da 'yan kai, ƙalilan ne suka fito da shuɗi. Wasu kuwa ba sai an gwada ba: faifan ya dunƙule ya zama dutse, ko ya yi farin gari a sama, ko ya lanƙwashe ya daina zama da'ira.

A nan suka yi saɓaninsu na farko. Alhaji yana son a fara da finafinan Indiya, domin su ne suka gina masa gida suka kai shi Makka. Yaron ya ce, "Baba Alhaji, waɗannan suna da iyaye. Masu su suna Indiya, kuma a Pune akwai rumbun gwamnati da aka kafa tun 1964 don ajiye irinsu. Naka kwafi ne da ya gaji, babu faifai na uku a wannan, babu na ƙarshe a wancan. Ko mun juya shi ba ka da izinin nuna shi. Marayun su ne waɗancan." Ya nuna ƙananan gwangwanayen da babu wanda ya kula da su: tallar sabulu da Hausa, fim ɗin rigakafi, da wani da aka rubuta wa "Hawan Sallah, launi, ƙafa 1000". Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce a cikin wannan akwai mahaifinsa, yana tsaye a bakin ƙofar fada cikin 'yan kallo, shi ya sa ma ya yi ta ɓoye faifan duk lokacin da aka aiko karɓa.

Ina ganin wannan zaɓen shi ne rabin aikin, kuma shi ne wanda masu zumuɗi suka fi tsallakewa. Juya fim zuwa kwamfuta yana cin kuɗi da lokaci, ba kuma duk abin da ya tsufa ne ya cancanta ba. Tambayar ita ce ko akwai wani kwafin da ya fi naka a wani wuri a duniya. In akwai, ka bar naka ya huta.

Faifan hawan sallar zare ne mai faɗin milimita 35. A wannan awon, ƙafa ɗaya tana ɗauke da hoto 16, inji kuma yana cin ƙafa 90 a minti. Ƙafa 1000 ke nan hoto 16,000, wato minti 11 da 'yan daƙiƙu. Takardar gwajinsa ta fito kore mai ɗaukar rawaya, alamar cewa ba shi da lokacin jira. Yaron ya shimfiɗa guntun zaren a kan tebur ya ƙirga huji 100 ya aza ruler. A sabon zare, tsawon nan milimita 475 ne. Wannan ya ba da 468. Ya tsuke da kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari, alhali da zarar an haura kashi ɗaya ba a yarda a sa zare a inji mai haƙora ba. Da a ce shi aka fara ɗaurawa ran nan maimakon tallar, da labarin ya ƙare a wurin.

Sai aikin hannu, wanda shi ne mafi tsawo kuma babu abin burgewa a cikinsa. Ana warware zaren a hankali daga wannan faifai zuwa wancan, ana juyawa da hannu, yatsu biyu cikin safar auduga suna riƙe da gefensa don a ji duk inda ya tsage. An tarar da mahaɗi sama da arba'in. Wasu na asali ne da aka yi da ruwan liƙin fim, sun bushe suna ɓallewa da kansu. Yawancinsu kuwa salatif ɗin kanti ne, wanda danƙonsa ya narke ya bi zagaye biyu ko uku ya kwashi ƙurar hunturu. A wuri ɗaya har da ƙusar sitefila. Kowanne sai an ɓare shi, a goge danƙon da tsantsar sifirit marar ruwa, a sake haɗawa da salatif na musamman. Ruwa ba ya kusantar wurin, domin fuskar da hoton yake kwance a kai wani irin danƙo ne da ake samu daga fata da ƙashin dabba, ruwa yana kumbura shi ya saɓule. Da aka gama aka auna, abin da ya rage ƙafa 870 ne. Ƙafa 130 sun tafi, hoto 2,080, kusan minti ɗaya da rabi.

Afaretan, dattijo mai raunin ido, shi ya iya ba da lissafinsu. Farko da ƙarshen faifai su suka fi shan wahala, domin nan ake kamawa ana zurawa, nan ne kuma jelar take dukan ƙarfe in zare ya ƙare, kimanin ƙafa 65 sun tafi a nan. Wasu ƙafa 25 sun zube kaɗan-kaɗan a mahaɗai, har da 'yan hotunan da yaran ɗakin inji suke gutsira su sayar wa 'yan makaranta, su kuma su haska da tocila a cikin kwali su yi tasu sinimar. Sauran kuwa dare ɗaya suka tafi. Zaren ya maƙale daidai wurin jafi, lokacin da mahaya suka sako dawaki a guje za su ja linzami a gaban Sarki. Jama'a suka hau ihu da jifa. Ya ce, "Alhaji, ka tuna kai ka leƙo ka ce in yi sauri. Na janye gaba bakwai na yar a kwando na haɗa." Alhaji ya ce ya tuna.

An kai faifan inda ake da sikana marar haƙora, wadda take jan zare da tayoyin roba masu laushi, ta ɗauki kowane hoto ɗaya bayan ɗaya da haske marar zafi, tana gane matsayinsa ta hanyar kallon hujojin maimakon shiga cikinsu. Saboda zaren ya lanƙwashe, sai da aka rage gudu ƙwarai don kada gefe ɗaya ya fita daga saiti. An ɗauka a awon 2K, kowane hoto fayil guda na DPX mai nauyin kimanin megabait 12. Hoto 13,920 suka ba da kusan gigabait 170, na fim ɗin da bai kai minti goma ba. Alhaji ya tambaya me ya sa ba a yi 4K ba tunda an ce ya fi. Yaron ya ce zai ninka nauyin sau huɗu, kuma babu abin da zai ƙaru sai girman ƙura. Kwafin da ake kai wa sinima ba shi ne zaren da ya shiga kyamara ba, daga nagatif ake buga shi, sau da yawa ma ta hannun kwafi biyu a tsakani, kuma a kowane bugu kaifin hoto yana raguwa.

Wannan maganar ba ta shige shi ba sai da aka zo kan mahaifinsa. Ga ƙofar fada, ga cincirindo, ga wani mai farar riga da dara a gefen hagu. Alhaji ya ce a matso da shi. Aka matso. Ya ce a ƙara. Fuskar, wadda a kan zaren ba ta kai kan allura ba, ta watse ta zama ɗigo-ɗigo, babu ido babu hanci. Ya ce a mayar yadda yake. Daga nesa ya gane tsayuwar, da yadda mutumin ya goya hannu a baya, ya ce shi ne. Bai sake neman a matso da kowa ba.

Launi ya fi ba su wahala. Duk fim ɗin ya koma ja-ja mai ruwan hoda, sama ja, ƙasa ja, dawaki ja. Irin zaren Eastman da aka yi amfani da shi kafin a gyara sinadarinsa a 1982 yana da rini hawa uku, kuma biyu daga ciki, mai ruwan shuɗi da mai ruwan rawaya, suna koɗewa su bar na ukun shi kaɗai. Kwamfuta tana iya ɗaga ɗan abin da ya saura na rinin da ya koɗe, amma tana ɗaga shi ne tare da dattinsa, in aka matsa sai inuwa ta cika da ƙyalƙyali. Abin da ya taimaka shi ne dogarai. Kowa ya san rigarsu ja da kore ce, don haka aka yi ta juya ma'auni har koren ya fara leƙowa, aka kuma daidaita fari da rawunan malamai. Koren ya dawo, amma a gajiye. Sama ba ta koma shuɗiya ba, ta tsaya a toka-toka. Akwai wani hakimi da alkyabba wadda ta ƙi bayyana ko shuɗiya ce ko shunayya. Yaron ya ce zai iya zana mata launi, a faɗa masa wanne. Alhaji ya ce, "Ɗana, shekara hamsin ke nan. In na ce maka shuɗiya ce, ƙarya zan yi, jikokinsa kuma su gani su ɗauka gaskiya ce. Bar ta."

Karce ma iri biyu ne, kuma ana gane su da ido. Baƙaƙen layukan da suke sauka kamar ruwan sama a bayan zaren suke, wurin robar. Waɗannan ana iya ɓoye yawancinsu tun wajen ɗauka, ko da haske mai bazuwa ko da wani ruwa da yake cike ramin na ɗan lokaci, domin hoton da ke ƙarƙashinsu yana nan. Layin da ya fito kore ko rawaya ko fari fat kuwa a fuskar hoton yake, ƙarfe ya kankare rinin ya tafi da shi: kore in hawa ɗaya ya tafi, rawaya in biyu, fari in duka. A nan babu abin da za a tono, sai dai a ara daga gefe a shafe. Akwai wani koren layi da ya bi minti biyu cur yana ratsa tsakiyar allo. Da aka saki manhajar share datti da ƙarfinta, layin ya ragu, amma ta haɗa da kan māsu da kofatan dawaki. Dalili shi ne tana gane datti ne ta hanyar neman abin da ya bayyana a hoto ɗaya bai bayyana a na gaba da na baya ba, kuma māshin da ake kaɗawa a guje haka yake. Aka sassauta ta, aka bi manyan tabo da hannu, aka bar layin.

Sauti ne ya fi tsira. Yana kwance a wani siririn layi a gefen hoto, kuma a zaren wancan zamanin layin yana da azurfa a ciki, ba ya koɗewa kamar rini. Kakaki da algaita da muryar mai sharhi duk sun fito, da ƙarar ƙas-ƙas ta karce a ƙarƙashinsu. Sai dai a kowane mahaɗi akwai wani abu da duk tsohon ɗan kallo zai tuna: hoto ya yi tsalle, sai bayan kusan daƙiƙa guda sauti ya yi nasa. Sautin kowane hoto yana gaba da shi da hoto 20 a kan zaren, saboda na'urar karanta sauti tana ƙasa da tagar haske a jikin inji. Almakashi ɗaya yana yanke hoton wani lokaci da sautin wani lokacin daban. A kwamfuta ana iya rage ƙarar "ɗas" ɗin, amma kalmar da mai sharhi ya fara bai ƙarasa ba ta tafi.

Saura jafi. Mahaya sun taso, ƙura ta tashi, sai kawai ga su tsaye sun ɗaga hannu suna jinjina. Kimanin daƙiƙa 27 babu. Inda hoto ɗaya ko biyu ne suka ɓace, manhaja tana iya ƙirƙiro na tsakani daga maƙwabtansa ba a gane ba, kuma an yi hakan a wurare kaɗan a kwafin kallo. Hoto ɗari shida da wani abu kuwa ba a ƙirƙiro su. Yaron, da kyakkyawar niyya, ya kawo shawarar a ɗauko jafi daga wani tsohon fim ɗin hawa na wani gari, a rage masa launi ya yi kama, a cike gurbin. Ya ce 'yan kallo ba za su lura ba. Alhaji ya ce shi ya yi shekara ashirin yana sayar wa mutane fim mai giɓi, ba wanda ya taɓa cewa ya cuce shi, domin kowa yana ganin inda aka yanke. Amma ya sa dawakin wani Sarki a gaban wani Sarki, wannan ha'inci ne. Aka sa baƙin allo na daƙiƙa biyu da rubutu: "A nan an rasa kimanin ƙafa 40."

Ina tare da Alhaji a wannan, ko da yake na san hujjar ɗaya ɓangaren ba ta banza ba ce. Matasan da suka saba da hoton waya mai sheƙi ba lalle su zauna wa fim ja mai layi a tsakiya ba, kuma fim ɗin da ba a kallo ajiyarsa rabin amfani ce. Amma maganin wannan shi ne abin da suka yi daga ƙarshe: kwafi biyu. Na farko ɗanyen ɗauka, yadda sikana ta gani, da jansa da karcensa har da hujojin gefe, ba a taɓa shi. Na biyu na kallo, wanda aka daidaita wa launi aka rage wa datti, tare da takarda mai bayanin duk abin da aka yi masa. Wanda ya zo nan gaba da kayan aiki mafi kyau zai koma kan na farko ya sake gwadawa. In aka gyara aka yar da ɗanyen, an ɗaure kowa a kan hasashen mutum ɗaya.

Mutane sukan kawo misalin Shaihu Umar, fim ɗin Adamu Halilu na 1976 da aka gina a kan littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana ɗauka ya ɓace, sai a 2016 aka gano shi a ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinan Berlin a 2018. Wanda ya gan shi zai ce ashe komai yana gyaruwa. Bambancin shi ne can nagatif aka samu, uwar da ake buga kwafi daga jikinta, wadda ba ta taɓa shiga injin gidan kallo ba. Abin da ke ɗakunan tsofaffin masu sinima kwafin aiki ne, wanda ya bi ta haƙoran inji sau ɗaruruwa. Wanda ya sa ran nasa zai fito kamar Shaihu Umar zai yi fushi da mai sikana a banza.

Abu na ƙarshe da Alhaji ya koya ya fi ba shi mamaki. Ya ɗauka tunda fim ya shiga kwamfuta, sai a zubar da gwangwanaye a huta da wari. Yaron ya ce zaren nan, duk da ciwonsa, ya yi shekara hamsin ba wuta ba kulawa kuma har yanzu ana ɗaga shi a haske a ga doki. Rumbun kwamfuta kuwa faɗuwa ɗaya daga kan tebur ta ishe shi, in ma an ajiye shi a durowa ba a kunnawa yana iya ƙin tashi bayan 'yan shekaru, kuma ba ya wari balle ya yi gargaɗi. Don haka aka yi kwafi uku, biyu a rumbuna daban-daban a gidaje daban-daban, ɗaya a kaset ɗin ajiya na LTO, da sharaɗin a riƙa dubawa ana sake juyawa duk bayan shekara huɗu ko biyar. Zaren kuma aka naɗe shi sako-sako a sabon gwangwani, aka raba masu tsami da masu lafiya domin tururin yana harbin na kusa. An yi maganar firiza, wadda ita ce take tsayar da ruɓewar, amma da wutar da ake ɗaukewa ana kawowa, daskarewa da narkewa a kai a kai sai su tara raɓa a cikin gwangwani. Alhaji ya yanke shawarar miƙa na hawan sallar da sauran marayun ga rumbun adana finafinai na ƙasa da ke Jos, inda ko ba komai garin ya fi nasa sanyi.

Kafin a rushe ginin ya tara iyalinsa da tsofaffin ma'aikatansa, aka haska kwafin kallon a kan tsohon farin bangon da ƙaramin inji. Minti tara da daƙiƙa arba'in da 'yan kai. Da baƙin allon ya fito wurin jafi, wani jikansa ya tambaya ko wuta ce ta ɗauke, afaretan ya ce a'a, shi ne.

Wanda duk yake da irin waɗannan gwangwanaye a sito ko a ɗakin mahaifinsa, a Kano ne ko Zariya ko Gusau ko Damagaram, ya buɗe su a wuri mai iska ya sansana. In ya ji tsami, ya ware wannan daga sauran, ya sauke su duka daga ƙarƙashin kwano zuwa ɗaki mafi sanyi a gidan, a kan katako ba a ƙasa ba. Ya karanta abin da aka rubuta a jikin kowanne, ya fara neman taimako a kan waɗanda aka ɗauka a garinsu. Kada kuma ya bari kowa, komai ƙwarewarsa a da, ya ɗaura su a tsohon inji don a ga abin da ke ciki.